Kwana 60, rangwamen biya da wuri, ko raba biya biyu: me ya kamata mai shago ya roƙa a wasiƙarsa?

Mai shagon da yake saro kaya bashi yakan fahimci yana buƙatar ƙarin wa'adi ne a ranar da ya duba sito ya ga kusan rabin kayan suna nan jibge, ga shi kuma saura kwana uku ranar biya ta cika. Kayan ba kwantai suka yi ba, suna fita daidai gwargwado, sai dai fitarsu ta fi wa'adin da dila ya bayar jinkiri. A nan ne tunanin rubuta wa dilan wasiƙa yake zuwa. Mafi yawan irin wannan wasiƙar da na gani abu ɗaya take cewa: a taimaka a ƙara mana lokaci. Ba ta faɗin kwana nawa, ba ta faɗin dalili da lissafi, kuma sau da yawa mai ita bai lura ba cewa yana shirin sarayar da wani rangwame da ya fi ƙarin lokacin tsada. Kafin a ɗauki biro, akwai zaɓi uku da ya kamata a ajiye su kusa da juna a auna.

Mu fara da abin da ke rubuce a takardar kuɗin kaya. A ƙasanta ko a gefenta akan ga wani ɗan rubutu kamar haka:

```
2/10 net 30
```

Ma'anarsa ita ce: idan ka biya cikin kwana 10, za a rage maka kashi 2 cikin 100 na kuɗin. Idan ba ka biya a lokacin ba, cikakken kuɗin ya zama wajibi a kanka zuwa kwana 30. Wato wa'adi biyu ne a layi ɗaya, gajere mai rangwame, da dogo wanda babu rangwame amma babu tara. Idan aka rubuta `net 30` kawai, babu maganar rangwame, kwana 30 ne kurum.

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa kwana 30 ɗin nan kyauta ne. Kwana 10 na farko ne kawai kyauta. Sauran kwana 20 ɗin sayensu kake yi, kuma farashinsu shi ne kashi 2 ɗin da ka bari ya wuce. A kayan da kuɗinsu ya kai 1,000,000, a kowane irin kuɗi ne, wanda ya biya a rana ta 10 zai ba da 980,000. Wanda ya jira rana ta 30 zai ba da 1,000,000. Ke nan ya biya 20,000 don ya riƙe 980,000 na tsawon kwana 20. Idan aka miƙe wannan farashin zuwa shekara, ga yadda yake fitowa:

```
(2 ÷ 98) × (365 ÷ 20) × 100 = 37.2
```

Kashi 37 cikin 100 a shekara. Wannan ne ma'aunin da za ka riƙa gwada kowace hanyar samun kuɗi da shi. Duk kuɗin da za ka iya samu a ƙasa da wannan tsadar, ya fi maka arha ka same shi ka biya da wuri, muddin za ka iya mayar da shi a rana ta 30. Ba lallai ne ya zama bashin banki mai kuɗin ruwa ba. Wanda ba ya mu'amala da irin wannan bashin ma yana da abin aunawa: rabon ribar da abokin haɗin jari zai karɓa, ko ribar da kuɗin zai kawo da an sa shi a wani kayan.

Shagon da za mu yi lissafi da shi

A ce mai shago yana saro kayan 1,000,000 daga dila ɗaya duk bayan wata biyu, a kan sharaɗin da muka gani a sama. Yana ɗora kashi 20 cikin 100 a kan farashin sari, don haka idan kayan suka ƙare ya tara 1,200,000. Kayan suna ƙarewa cikin kwana 60, kuma masu saye lakadan suke biya, wato cinikin 20,000 a kowace rana. Na sauƙaƙa lissafin da gangan, domin a zahiri wata rana ciniki ya yi sama, wata rana ya yi ƙasa, amma tsarin bai canza ba.

A rana ta 10, kayan sun kawo 200,000. A rana ta 30, sun kawo 600,000, alhali ana bin sa 1,000,000. Giɓin 400,000 ke nan, tun ba a cire kuɗin haya da albashin yaran shago ba. Kayan ba za su biya kuɗin kansu ba sai a rana ta 50. Wannan ranar ita ce abu mafi muhimmanci da mai shago ya kamata ya sani kafin ya rubuta komai, kuma a littafin cinikinsa zai same ta, ba a ƙwaƙwalwarsa ba. Ya ɗauki sari uku ko huɗu na baya, ya ƙirga daga ranar da aka rubuta takardar kuɗi zuwa ranar da cinikin waɗannan kayan ya kai adadin da ke takardar. Idan yana bai wa wasu masu saye bashi, ranar da kuɗi ya shigo hannu zai ƙirga, ba ranar da kaya ya fita ba.

Zaɓi na farko: kada a roƙi komai, a nemo kuɗi a ci rangwame

Rangwamen 20,000 a kan miliyan yana kama da abin da ba a damuwa da shi. Amma kada a auna shi da kuɗin sari, a auna shi da riba. Ribar wannan shagon a kowane sari 200,000 ce kafin cire ɗawainiya, don haka rangwamen ɗaya bisa goma ne na ribar. Sari shida a shekara ya zama 120,000, ba tare da an sayar da ƙarin kaya ko guda ba.

Matsalar ita ce a rana ta 10 mai shago yana da 200,000 ne kawai, ana kuma neman 980,000. Sai ya samo 780,000. A ce zai iya samun kuɗin a kan kashi 24 cikin 100 a shekara. A nan yadda aka tsara bashin shi ne komai. Idan irin bashin nan ne da banki ke barin ka ci fiye da abin da ke asusunka, ana lissafa maka kuɗin ruwa a kan abin da ya rage kowace rana, kuma kana zuba cinikin 20,000 kullum, to bashin zai ƙare cikin kwana 39, tsadarsa kuma kusan 10,000. Ya rage maka rabin rangwamen. Idan kuwa bashin dunƙulallen abu ne da za a mayar gaba ɗaya bayan kwana 40, tsadarsa ta haura 20,000 kaɗan, ta cinye rangwamen duka har da ɗan ƙari. Sannan ga kuɗin cike takardu da wasu bankunan ke cira tun farko.

Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba. Don a samu wannan ribar 10,000, dole ne duk cinikin kusan kwana 50 ya tafi biyan kaya da bashi, babu abin da ya rage na haya ko albashi. Shagon da yake da wasu kayan da ke ɗaukar waɗannan nauyin zai iya. Shagon da wannan kayan ne ƙashin bayansa ba zai iya ba.

Saboda haka wannan zaɓin na mai kuɗi a ajiye ne, ko mai hanyar samun kuɗi mai arha da sassauci. Wanda yake da miliyan zaune a asusu yana jiran rana ta 30 don kawai an ba shi kwana 30, asara yake yi, domin da wuya ajiya ta ba shi abin da ya kai kashi 37 a shekara. Irin wannan ba ya buƙatar wasiƙar neman ƙarin wa'adi ko kaɗan.

Zaɓi na biyu: a roƙi kwana 60

Wannan shi ne abin da zuciya ta fi so. Kayan sun biya kansu a rana ta 50, ana biya a rana ta 60, komai ya zauna daidai, har da sararin kwana goma. Ga mai shago babu abin da ya fi wannan daɗi. Amma wasiƙa ba kanka kake rubuta wa ba, don haka sai a zagaya a zauna a kujerar dila a ga yadda abin yake daga can.

Shi ma dilan bashi yake ɗauko kayan daga kamfani, ko kuma da kuɗin banki yake juyawa. Idan kuɗi yana ci masa kashi 24 a shekara kamar yadda muka ɗauka, barin miliyan a hannunka na ƙarin kwana 30 zai ci masa kusan 19,700. Kusan kashi 2 ke nan na kuɗin kayan, a sana'ar da ribar mai sayar da sari takan zama siririya. Bayan tsada akwai haɗari: duk ranar da aka ƙara, rana ce da wani abu zai iya faruwa da shagonka alhali kuɗinsa na ciki. Shi ya sa dila mai lissafi ba ya cewa to haka kawai. Zai nemi fanshewa ta ɗaya daga hanyoyi biyu, kuma ya kamata ka san su tun kafin amsa ta zo.

Ta farko ita ce ya janye rangwamen, sharaɗin ya koma `net 60` zalla. Idan da ma ba ka taɓa iya biya cikin kwana 10 ba, ba ka rasa komai ba. Idan kuwa kakan iya a lokutan da kasuwa ta buɗe, to ka rasa 20,000 a kowane irin wannan sarin. Abin da ya fi shi ne ka roƙi a bar maka ƙofar a buɗe, wato `2/10 net 60`. A wannan sharaɗin, farashin jira ya sauka sosai, domin kashi 2 ɗin yanzu kwana 50 yake saya maka ba 20 ba, abin da ya kama kusan kashi 15 a shekara a maimakon 37. Dila ya san haka, ya kuma san cewa a wannan farashin kusan kowa zai gwammace ya jira, shi ya sa ba kasafai yake yarda ba sai ga abokin cinikin da ya daɗe da shi.

Ta biyun ta fi ɓoyuwa: ya amince da kwana 60 da fara'a, sannan a sari na gaba farashi ya ɗan motsa. Ƙarin kashi 3 a kan miliyan 30,000 ne, don ƙarin kwana 30, wanda ya kama kashi 36 da rabi a shekara. Wato ka koma inda ka baro ba tare da ka sani ba. Hanyar ganewa ɗaya ce, ka ajiye takardar kuɗi ta baya da sabuwa gefe da gefe ka bi su layi-layi. Ba zargi nake yi wa diloli ba, mutum yana da haƙƙin sa wa lokacinsa farashi. Abin da nake so shi ne mai shago ya san nawa ya saya.

Akwai wani abin da masu rubuta wasiƙa ke mantawa da shi, sai ya zo ya lalata musu nasarar da suka samu. Dila yakan sa wa kowane abokin ciniki iyakar bashin da zai iya ɗauka a lokaci guda. A ce iyakar wannan shagon 1,200,000 ce. A da, yana gama biya a rana ta 30, don haka lokacin da zai yi odar sabon kaya a rana ta 50 ba a bin sa komai. Yanzu da wa'adi ya koma 60, a rana ta 50 tsohon miliyan yana nan, sabon miliyan zai hau kansa, jimilla 2,000,000. Akantan dila zai tsayar da odar har sai an biya tsohon. Ka samu kwana 60 a takarda, amma a aikace sai ka biya a rana ta 50 ko kantarka ta zauna wayam. Duk wanda zai roƙi ƙarin wa'adi, ya duba iyakar bashinsa, ya roƙi a ɗaga ta a cikin wasiƙar nan ɗaya.

Kwana 60 kuma kusan shi ne ƙarshen abin da ya dace a roƙa, kuma a wasu ƙasashen doka ce ma ta faɗa. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida a 2011 cewa wa'adin biya tsakanin 'yan kasuwa kada ya wuce kwana 60, sai in an yi yarjejeniya a fili kuma ba ta zalunci mai bin bashi ba. Faransa tun 2008 ta sa iyakar kwana 60 daga ranar takardar kuɗi, ko kwana 45 haɗe da ƙarshen wata. Dokar Indiya ta 2006 ta hana a riƙe wa ƙananan masu kawo kaya kuɗinsu fiye da kwana 45. An yi waɗannan dokokin ne don kare masu kawo kaya daga manyan masu saye, amma sun nuna inda duniyar kasuwanci take ganin jira ya fara zama cutarwa. Wanda dilansa yake wata ƙasa, ya bincika dokar can kafin ya roƙi abin da dilan ba shi da ikon bayarwa.

Haɗari na ƙarshe a wannan zaɓin daga mai shagon kansa yake. Daga rana ta farko zuwa ta 60 kuɗi yana taruwa a hannunsa, a rana ta 45 ya kai 900,000, kuma ido yana ganinsa kamar nasa ne. Sai wata dama ta taso, ko wata buƙata ta gida, a taɓa da niyyar mayarwa. Na ga shagunan da kwana 30 bai kayar da su ba, kwana 60 ya kayar da su ta wannan hanyar. Wanda ya samu dogon wa'adi, ya ware asusu daban da zai riƙa zuba kason dila a ciki duk mako.

Zaɓi na uku: rabi a rana ta 30, rabi a rana ta 60

A shagon da muke magana a kai, wannan zan zaɓa, kuma dalilin yana cikin lambobin da muka riga muka gani. A rana ta 30 akwai 600,000 a hannu. A biya 500,000, a bar 100,000 na haya da albashi. Daga nan zuwa rana ta 60 wani 600,000 ya shigo, a biya sauran 500,000, a sake barin 100,000. Biya yana bin sawun ciniki, babu giɓi, babu kuma tarin kuɗin da zai ja hankali.

Daga ɓangaren dila, rabin kuɗinsa ne kawai ya yi jinkirin kwana 30, tsadar ta sauka daga kusan 19,700 zuwa ƙasa da 10,000. Yana kuma ganin kuɗi a rana ta 30 kamar yadda ya saba, wanda shi ne shaidar da ta fi kwantar masa da hankali cewa shagon yana da rai. Idan akwai matsala, zai gane ta da wuri, tun kafin ya sake loda maka kaya. Maganar iyakar bashi ma ta yi sauƙi: a rana ta 50 ana bin ka 500,000, sabon sari ya kai jimillar 1,500,000, don haka ƙarin 300,000 kawai kake roƙo a kan iyakar, ba 800,000 ba. Buƙatar da manajan sayar da kaya zai iya kai wa maigidansa ba tare da jin nauyi ba ita ce ta fi samun amincewa.

Kuma a nan ana iya ceto wani ɓangare na rangwamen. Sai a roƙi cewa duk abin da aka biya cikin kwana 10 a yi masa ragin kashi 2, ko da ba duka kuɗin ba ne. Idan aka biya 196,000 a rana ta 10, a goge 200,000 daga bashin. Ribar 4,000 ce, ba ta da yawa, amma ba a ci bashin kowa ba kafin a same ta. Sai dai wannan ba haƙƙi ba ne da ke zuwa da kansa. A wurin diloli da yawa rangwame na wanda ya biya cikakken kuɗi ne, don haka sai an rubuta an amince.

Inda wannan zaɓin ba ya aiki shi ne kayan da ba sa fita a hankali, irin waɗanda ake jibgewa kafin lokacinsu ya zo, su yi makonni babu mai tambaya sannan su ƙare cikin kwana goma. A rana ta 30 babu rabin da za a biya. Irin wannan kayan cikakken dogon wa'adi yake buƙata, kuma gara a roƙe shi a kan wannan sarin kaɗai, a bar sauran shekara a kan tsohon sharaɗi.

Kafin a rubuta, akwai tambayoyi biyu da za su iya rage abin da za a roƙa, ko su sa wasiƙar ta zama ba dole ba. Ta farko: me ya sa ake saro miliyan a lokaci guda? Da mai shagon nan zai riƙa ɗaukar kayan 500,000 duk wata, za su ƙare cikin kwana 30 su kawo 600,000, wa'adin da ake da shi ya wadatar. Idan kuɗin mota sau biyu da ragin sari mai yawa da za a rasa ba su kai tsadar jira ba, to matsalar girman oda ce, ba gajartar wa'adi ba. Ta biyu: daga yaushe ake fara ƙirga? Yawanci daga ranar da aka rubuta takardar kuɗi ne. Idan kaya suna yin kwana 8 a hanya, kwana 10 na rangwame sun zama 2, kwana 30 sun zama 22. Roƙon a fara ƙirga daga ranar da aka sauke kaya aka sa hannu ya fi kowane roƙo sauƙin karɓuwa, domin adalcinsa a bayyane yake.

Yadda wasiƙar za ta kasance

Lokacin aikawa yana da nauyi kamar abin da ke ciki. Wasiƙar da ta iso bayan wa'adi ya wuce, neman afuwa ce, kuma dila zai karanta ta a matsayin alamar shago ya fara tangal-tangal. Wadda ta iso bayan an gama biyan tsohon bashi tsaf, tana magana a kan sari mai zuwa, tayin kasuwanci ce. A aika ta ga wanda yake da ikon yanke hukunci a kan bashi, a kuma yi masa waya ko a je a gan shi tukuna, don kada takarda ta zo masa ba zato. Ga yadda zan rubuta ta a madadin wannan shagon:

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto wannan takarda ne game da sharaɗin biyan kayan da muke ɗauka a wurinku.

Shekara biyu ke nan muna ciniki da ku. A cikinsu mun ɗauki kaya sau 12, kowane na kimanin 1,000,000, kuma mun biya duka a cikin wa'adin kwana 30. Na haɗo da jerin ranakun takardu da ranakun biya don a duba.

Littafinmu ya nuna kayanku suna ƙarewa a wurinmu cikin kwana 60. A rana ta 30 rabinsu ne ya fita, don haka mukan cike kuɗinku daga cinikin wasu kayan, abin da yake hana mu faɗaɗa odarmu.

Saboda haka muna roƙon, daga sari mai zuwa, a ba mu damar biyan rabin kuɗin a rana ta 30, sauran rabin a rana ta 60, ana ƙirgawa daga ranar da aka sauke kaya. Muna kuma roƙon a ɗaga iyakar bashinmu daga 1,200,000 zuwa 1,500,000, don sabuwar oda ta iya fita kafin kashi na biyu ya cika. Idan zai yiwu, a bar rangwamen kashi 2 a kan duk abin da muka biya cikin kwana 10, a kuma bar farashin kaya a kan jadawalin da kowa ke saye da shi.

A namu ɓangaren, za mu riƙa sanar da ku odarmu mako biyu kafin lokaci. Muna ba da shawarar a gwada wannan tsari a sari uku. Idan muka saɓa ko sau ɗaya, a mayar da mu kan tsohon sharaɗi ba tare da wata magana ba.

Idan kun amince, muna roƙon a ba mu amsa a rubuce, a kuma sa sabon sharaɗin a kan takardar kuɗi. Zan kira ranar Litinin mai zuwa don jin ra'ayinku.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara buɗi.

A lura da abin da babu a ciki. Babu kukan kasuwa ta yi tsada ko masu saye sun ƙi biya, domin duk wannan ƙara wa dila tsoro yake yi. Babu barazanar komawa wurin wani dilan. Babu kuma alkawarin ninka oda, tunda littafin bai nuna za a iya ba, kuma alkawarin da aka kasa cikawa a sari na biyu yakan janyo a janye abin da aka bayar. Layin da ya fi kowane aiki shi ne na gwaji a sari uku, saboda ya mayar da babbar shawara ƙarama, wadda dila zai iya janyewa ba tare da an ɓata ba. Tarihin biyan da aka ambata kuma dole ya zama gaskiya, akantansu yana da nasa jerin. Wanda ya taɓa makara sau ɗaya ko biyu, ya faɗa da bakinsa tare da kwanakin da ya ƙara.

Amsar takan zo da gyara. Dila zai iya cewa kwana 45 a dunƙule. A wannan shagon, a rana ta 45 akwai 900,000, giɓin ya sauka daga 400,000 zuwa 100,000, amma fa idan ba a taɓa ko kaɗan don haya da albashi ba. A matsakaici kwana 45 daidai yake da rabi a 30 rabi a 60, tsadarsu ɗaya ce a wurin dila, don haka akwai hujjar sake roƙon a raba. Zai iya kuma ƙara sharaɗin cewa kayan mallakarsa ne har sai an gama biya, ko ya sa tara a kan kowace ranar makara. A karanta waɗannan da kyau, a tambayi nawa ne tarar da ranar da take fara hawa, kafin a sa hannu.

Bayan an amince, abu biyu ne ke saurin rushe tsarin. Ɗaya shi ne cire rangwame bayan lokacinsa ya wuce, a biya a rana ta 14 a kuma zare kashi 2. Akantan dila zai bar wannan ragowar a matsayin bashin da ba a biya ba, ta yi ta bin asusunka wata da watanni tana nuna ka a jerin masu makara. Ɗayan shi ne rashin sanin me ake nufi da an biya: ranar da ka tura kuɗi, ko ranar da ya shiga asusunsu? Idan rana ta 30 ta faɗo ranar da banki ba ya aiki, a tura tun ranar aiki ta ƙarshe kafin ta, a aika musu da shaidar biya tare da lambar takardar da aka biya, don kada a ɗora kuɗin a kan wata takardar daban.